Magada uku suna waje, gida yana Aboabo: wa zai sa hannu a kan me?

Tambaya: Salamu alaikum, Baba Lauya. Mahaifinmu ya rasu bara, bai bar wasiyya ba. Ya bar gida a Aboabo, cikin Kumasi, da kuɗi a banki, da mata biyu, da 'ya'ya tara. Autarmu shekararta 14. Malamai sun riga sun lissafa rabon kowa, ba wanda ya ja. Damuwar ita ce uku daga cikinmu suna waje. Yayanmu yana Hamburg, ya karɓi fasfon Jamus, kuma sunan da ke ciki ba daidai yake da wanda muka san shi da shi ba. Ƙanwata tana Bronx, a New York. Ƙanena yana Jidda, shi Larabci ya karanta, ba ya jin Turanci. Ba wanda zai iya zuwa yanzu. Wani ya ce su sa hannu a takarda ɗaya, su ɗauki hoto su turo ta waya. Hakan zai wadatar? In ba zai wadatar ba, ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya sa a yi rabon nan zumunci bai taɓu ba.

Hoton ba zai wadatar ba. Dokar mu'amala ta na'ura ta 2008, mai lamba 772, ita ce ta halatta sa hannu ta waya da kwamfuta a Gana, amma ta cire wasu takardu daga cikin wannan sauƙin, kuma takardar wakilci da takardar rantsuwa suna cikin waɗanda ta cire. Su ne kuwa kuke bukata. Dole a sa hannu da alƙalami a kan takarda, a gaban wanda doka ta yarda da shi, sannan ainihin takardar ta iso Kumasi.

Amma kada ka fara da aika musu komai. Aikin farko a nan gida yake: a zauna a fayyace wace takarda kowannensu zai sa wa hannu, domin ba duk abin da za a kai kotu ne ke neman hannunsu ba. Iyalai da yawa suna wahalar da 'yan'uwansu na waje da tafiye-tafiye zuwa ofishin jakadanci a kan takardun da ba wanda ya nema, sannan su manta da guda ɗayar da rashinta zai tsayar da komai.

Banki ba zai saki kuɗin mamaci ba, kuma ba za a iya juya sunan gida ba, sai kotu ta ba da takardar izinin kula da gado, wadda ma'aikatan kotu a Adum ke kira El-E. Doka ba ta yarda a ba mutum fiye da huɗu wannan izinin ba, kuma tun da akwai yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba a cikin magada, ba za a ba mutum ɗaya tilo ba, sai aƙalla biyu. Waɗannan masu kula da gadon su ne za su yi rantsuwa, su tsaya gaban alƙali ranar da za a saurari buƙatar, su sa hannu a takardar lamuni tare da masu tsaya musu, su je banki, su je Hukumar Filaye. Aikin ƙafa ne. Don haka shawarata kada ku sa ko ɗaya daga cikin na waje a cikinsu. Na san za a ce ai yayanku shi ne babba, bai kamata a tsallake shi ba. Girmansa yana nan, a shawarce shi a kan komai, amma in sunansa ya shiga El-E, duk takardar da za a sa wa hannu nan da shekara biyu sai ta je Hamburg ta dawo. Ku zaɓi mutum biyu zuwa huɗu da ke Kumasi, kuma ku tabbata kowane ɗaki yana da nasa a ciki. Alƙalai suna lura da wannan sosai a gidan da ke da mata fiye da ɗaya. In ɗaki guda duk 'ya'yansa manya suna waje, mahaifiyarsu ta shiga da kanta, domin matar mamaci ce ma kan gaba a jerin masu haƙƙin nema. Ƙa'idojin kotu sun kuma yarda wanda ke waje ya naɗa wakili a ba shi izinin a madadinsa, amma ku ajiye wannan sai in babu wata hanya.

In an tsara haka, abin da ya rage wa na waje takardu uku ne kacal. Akwai takardar rantsuwa da ke cewa na san wane da wance suna neman izinin kula da gadon mahaifinmu, kuma na amince. Akwai yarjejeniyar rabo. Akwai kuma takardar wakilci, wadda za a bukata in za a sayar da gidan ko a karɓi rabon mutum a madadinsa.

Ta farkon tana da tarko. Sauka daga neman kula da gado daban ne, yafe rabon gado daban ne, amma a Turancin lauyoyi kalmomin biyu kan zo kusa da juna, kuma na ga takardun da aka rubuta da sakaci, ko da gangan, har mutum ya sa hannu yana zaton amincewa ya yi da wanda zai kula da dukiya, ashe rabonsa ya yafe. A sa jimla guda ƙarara cewa wannan amincewa ba ta taɓa rabon mai sa hannu ba.

Ta biyun ita ce nake so ka ba hankalinka, domin a nan ne gidajenmu na Zango suka bambanta da sauran. Tun 1985 dokar gadon wanda bai bar wasiyya ba, mai lamba 111, ta hau kan kowa a ƙasar nan, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A wurinta, in gida ɗaya mamaci ya bari, na matansa ne da 'ya'yansa tare, kuma ba ta fifita ɗa namiji a kan 'ya mace. Lissafin malamai kuwa ka san shi: mata su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Abin da ke sa rabon malamai ya tsaya da ƙafarsa a idon kotu shi ne yardar magada. Ma'ana, ƙanwarka ta Bronx, in ta sa hannu a yarjejeniyar nan, tana barin wani abu ne da dokar ƙasa za ta ba ta in ta nema. Yau ta yarda don Allah da zuciya ɗaya. Amma takarda tana daɗewa fiye da mai ita, kuma wata rana 'ya'yanta ko mijinta na iya zuwa su ce ba ta san abin da ta sa wa hannu ba. Saboda haka a duk takardun nan, tata ce ya fi kamata a yi wa aiki mai tsabta: a rubuta a ciki cewa ta san abin da doka mai lamba 111 ta ba ta, ta kuma zaɓi rabon Musulunci da son ranta. Ita kuwa auta, ba ta kai shekarun da yardarta za ta ɗaure ta ba, kuma hannun mahaifiyarta ba ya rufe wannan ƙofar gaba ɗaya. Ku gaya wa lauyan da zai rubuta takardun tun farko, a ware rabonta a fili, a rubuta inda aka ajiye shi da wanda ke riƙe da shi.

Sai maganar tabbatar da ko wane ne wane. Tambaya biyu ce a nan, mutane suna cakuɗa su. Ta ɗaya: wannan mutum ɗan mamaci ne? Ta biyu: wanda ya sa hannu a takardar nan shi ne wannan ɗan? Ta ɗayan a Kumasi ake amsa ta, kuma yawanci ba wuya. Masu neman El-E za su jera sunayen matan da 'ya'yan duka a rantsuwarsu, babban dangi ya yi tasa rantsuwar yana tabbatarwa. In ba wanda ya musa, magana ta ƙare. Ba a zuwa gwajin jini sai in wani ya tashi ya ce wane ba ɗan gidan ba ne. Ta biyun ce ake amsawa a can waje, kuma fasfo ne ke amsa ta, domin notari, wato mai izinin hukuma na tabbatar da sa hannu, ko jami'in jakadanci sunan da ke cikin fasfo kawai zai rubuta, ba ruwansa da sunan da ake kiran mutum a gida.

Wahalar tana tasowa ne inda sunan da ke jerin kotu bai haɗu da sunan da ke fasfo ba. Wannan kuwa kusan kowane gida a Zango yana da shi. An raɗa wa yaro Abdul Mumin, malamin makaranta ya rubuta Mumuni, a takardar haihuwa aka sa sunan uba, a fasfo aka sa sunan kaka. Sa'idu ya koma Seidu, Husaini ya koma Fuseini. Maganinsa mai sauƙi ne in an yi shi kafin a shigar da takardu kotu. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya turo maka hoton shafin fasfonsa yau (a nan hoto yana da amfani). Lauya ya rubuta sunan kowa a duk takardu harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo, sannan ya bi shi da sunan gida, da cewa ana kuma kiransa wane. In bambancin ya wuce na rubutu, sai a ƙara takardar shaida ta doka, wadda mutum ke bayyana cewa sunayen nan biyu duk nasa ne, mahaifiyarsa ko kawunsa su yi irinta a nan suna mara masa baya. Wasu bankuna kan nemi a buga gyaran sunan a Gazet, jaridar gwamnati, kuma. Ka yi wannan binciken har ga marigayin kansa: sunan da ke takardar mutuwa, da na takardar gida, da na banki. Sau da yawa "Alhaji" ya shiga ɗaya bai shiga ɗaya ba, ko laƙabin kasuwa ya zama suna a takardar fili. Duk sunayen su fito a cikin El-E, in ba haka ba banki zai ce wannan ba mai asusunsu ba ne, ku koma kotu gyara.

Game da yayanku, ka tambaye shi a keɓe yadda aka yi sunan ya canza. In canji ne na hukuma, ko kuskuren rubutu lokacin da ya zama ɗan ƙasa, takardar zama ɗan ƙasar da tsohon fasfonsa na Gana za su haɗa sunayen biyu, shi ke nan. Amma mun san yadda wasu suka shiga Turai a shekarun 1980 da 1990, da sunan da ba nasu ba, da shekarun haihuwa na daban, wasu har da cewa daga wata ƙasa suka fito. In nasa irin wannan ne, kada ku tura masa takardar da zai je gaban notari a Jamus ya rantse cewa shi wane ne ɗan wane haifaffen Kumasi, alhali fayil ɗinsa a can yana faɗin wani abu daban. Dokar Jamus ta yarda a janye zama ɗan ƙasar da aka samu da bayanin ƙarya cikin shekara goma da bayarwa, kuma rantsuwar ƙarya laifi ce a can da nan. Ya ga lauyan harkar baƙi a Hamburg kafin ya sa hannu a komai. Kada kuma ku yi tunanin gyara matsalar da wata ƙaryar a kotun Kumasi, kamar cire sunansa daga jerin 'ya'ya don a huta. Ɓoye magaji dalili ne na soke El-E gaba ɗaya. Sunansa na gida ya shiga jeri, rabonsa a ajiye masa, sauran a bi a hankali.

Akwai kuma abu guda da fasfon Jamus ɗin ke jawowa. In ya ajiye zama ɗan Gana lokacin da ya karɓa, kamar yadda Jamus ta saba nema kafin ta sauya dokarta a 2024, to a idon Hukumar Filaye baƙo ne, kuma tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya riƙe hayar fili fiye da shekara 50 ba. Wannan bai hana shi gado ba, amma yana iya kawo tsaiko wajen sa sunansa a takardar gida. Shi ya sa iyalai da yawa ke kimanta gidan su ba irinsa rabonsa kuɗi.

Yanzu ranar sa hannu. Dukkan takardun a rubuta su a Kumasi, lauyan da zai shigar da su kotu shi zai rubuta, a tura musu su buga a can. Kada kowa ya sauko da fom daga intanet, domin takardar wakilcin da aka tsara don Amurka ko Jamus dokarsu take bi. Kuma kada kowa ya sa hannu a ɗakinsa sannan ya ɗauka ya kai a buga hatimi. Ana zuwa da takarda fara, a sa hannu a gaban jami'in.

Dokar wakilci ta 1998, mai lamba 549, gajera ce, kuma abin da ta nema kaɗan ne: mai bayarwa ya sa hannu, shaida ɗaya yana wurin ya gani, shi ma ya sa nasa. In wani ne ya sa hannu a madadin mai bayarwa bisa umarninsa kuma a gabansa, to shaidu biyu. Wannan ɗan sharaɗin ya kayar da manyan shari'u. A 2009, a shari'ar Asante-Appiah da Amponsah, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardar wakilcin wani mazaunin waje saboda ba shaidar da ya sa hannu, ta ce jami'in da ya buga hatimi bai zama shaida ba, kuma duk bayanin da wakilin ya bayar a kotu ya zube tare da takardar. Daga baya kotun ta sassauta wannan matsayi, amma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya jingina gidan ubansa da muhawarar lauyoyi ba. A je da shaida daban, wanda ba shi ne notarin ba. Ni nakan ce a je da biyu ma, tun da mu dama shaidu biyu muka saba da su, kuma ƙari ba ya ɓata takarda. Shaidan ya zama baligi mai katin shaida, ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa yadda za a iya karantawa. Kada ya zama wanda ake ba wakilcin, kuma gara kada ya zama magaji ko mijin magajiya. Abokin aiki ko wani daga masallaci ya fi. Kuma yana wurin da jikinsa. Wanda ya kalla ta bidiyo daga Asawase ba shaida ba ne, haka wanda aka kai wa takardar bayan ta iso Kumasi aka ce ya cike gurbin. Wannan na biyun ana yin sa da yawa, kuma tambaya ɗaya ke tona shi a kotu: malam, ka taɓa zuwa Amurka?

Gaban wa za a sa hannun? Hanya mafi gajarta ita ce ofishin jakadancin Gana, domin doka ta ba jami'ansa ikon rantsar da mutum da tabbatar da sa hannu, kuma hatiminsu ba mai tambayarsa a nan. Ga ƙaninka na Jidda wannan ce hanyar, akwai ƙaramin ofishin jakadanci a garin, ba sai ya je Riyad ba. In fasfonsa ya ƙare, ya fara da sabunta shi. Ƙanwarka ma tana da ƙaramin ofishi a New York. Kowa ya kira ko ya duba shafin ofishin kafin ya tashi, ya ji kuɗin da ranar da za a karɓe shi, ya kuma faɗa cewa zai zo da shaidu.

Hanya ta biyu ita ce notari na ƙasar, sannan a kai takardar ofishin jakadanci ya tabbatar. A nan mutane kan ruɗe da Afostil, hatimin da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Heg ta 1961 ke karɓa a tsakaninsu. Gana ba ta cikin wannan yarjejeniyar, don haka Afostil shi kaɗai ba ya ɗauke bukatar hatimin jakadancinmu. Gaskiya ne ƙa'idojin kotu sun yarda a karɓi rantsuwar da aka yi gaban notari na waje ba tare da an nemi hujjar hatiminsa ba, kuma alƙalai da yawa suna karɓa. Amma takardar nan ba kotu kaɗai za ta je ba. Ma'aikacin banki da lauyan mai sayen gida sun fi alƙali tsoro, kuma su ne za su mayar da kai. A yi cikakken aikin sau ɗaya.

Notari a Amurka ba lallai ne ya zama lauya ba, sau da yawa ma'aikacin banki ne ko mai shagon aika kaya, kuma ba zai karanta takardar ba. Saboda haka ƙanwarka ta lura da abu biyu da kanta. Takardar rantsuwa tana son a rantsar da ita, notarin ya rubuta cewa an rantse a gabansa. In ya buga hatimin da ke cewa kawai ta amsa cewa hannunta ne, to ba a yi rantsuwa ba, kuma magatakardan kotu na iya ƙin karɓa. Ta kuma duba ranar ƙarewar izininsa da ke jikin hatimin. In wani ya ce mata ai yanzu a New York ana yin notari ta bidiyo, gaskiya ne ana yi, amma ba don takardar da za ta zo Gana ba. A Jamus kuwa notari babban masanin doka ne, da alƙawari ake ganinsa. Yayanku ya ce tabbatar da sa hannu yake so. Bayanin da notarin zai liƙa da Jamusanci zai zo, sai a roƙe shi ya yi da Turanci ko a haɗa da fassarar mai fassara da kotu ta amince da shi, domin kotunanmu da Turanci suke aiki. Daga nan shugaban kotun yankin ya tabbatar da hannun notarin, sannan ofishin jakadancinmu a Jamus.

Ƙaninka yana da ƙarin mataki, kuma kada kunya ta sa a tsallake shi. A dokarmu, wanda ba ya iya karanta harshen da aka rubuta takarda da shi ana ɗaukarsa kamar wanda bai yi karatu ba game da wannan takardar, ko da ya haddace Alƙur'ani ya sauke littattafai. Akwai tsohuwar doka tun 1912 da ke kare irinsa, kuma in aka yi gardama, wanda ke son amfani da takardar shi zai kawo hujjar cewa mai sa hannun ya fahimce ta. Don haka a ƙasan kowace takarda tasa a sa sakin layi da ke cewa wane ya karanta masa ita ya fassara masa da Hausa, ya nuna ya fahimta sarai kafin ya sa hannu. Mai fassarar ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu, kuma kada ya zama mai cin moriyar takardar. Ƙaninka zai iya sa hannunsa da Larabci in haka yake a fasfonsa, ya ƙara da dangwalen babban yatsa. Iyayenku mata ma, in ba sa karanta Turanci, haka za a yi musu a nan.

Game da abin da takardar wakilcin za ta ƙunsa, ni ba na son mai faɗi. Wadda ta ce wakili zai iya yin duk abin da mai bayarwa zai iya yi a Gana ta ba shi har filin da ƙanwarka ta saya da guminta a wani wuri. A ambaci gadon wane, a ambaci gidan da lambarsa da unguwarsa kamar yadda suke a takardar fili, a faɗi ko an yarda a sayar, da mafi ƙarancin kuɗin da za a karɓa, da asusun da za a zuba rabon mai bayarwa. A sa mata wa'adi, shekara ɗaya ko biyu. Kowa ya yi tasa daban, kada a yi takarda guda ta yi yawo daga Hamburg zuwa Bronx zuwa Jidda, domin kuskuren mutum ɗaya zai ɓata ta ukun. In kai ne mai kula da gado, gara su wakilta wani ba kai ba, don kada ka zama mai bayarwa kuma mai karɓa, ka bar wa masu zargi ƙofa. Kuma wakilci yana mutuwa da mutuwar wanda ya ba da shi. In Allah ya yi wa ɗayansu rasuwa kafin a gama, takardarsa ta daina aiki, rabonsa ya zama gadon nasa magadan.

Kowa ya sa hannu a kwafi uku na asali a zama ɗaya, tun da kotu za ta riƙe ɗaya, Hukumar Filaye ko mai saye ya riƙe ɗaya. Ya sa gajeren hannu a ƙasan kowane shafi. Kafin ya biya kuɗin jakadanci ko na aikawa, ya ɗauki hoton shafukan ya turo wa lauya ya duba, domin gyara a wannan matakin kwana ɗaya ne, bayan takarda ta iso kuwa wata biyu ne. Kada a cire ƙusar da notari ya haɗa shafukan da ita don a yi kwafi, kada a shafe kuskure da farin ruwa, kada a rufe takardar da leda mai zafi. A aiko ta kamfanin da ke ba da lambar bibiya, ko hannun amintaccen matafiyi.

In sun iso, saura mataki ɗaya da aka fi mantawa: harajin hatimi. Dokar 2005 mai lamba 689 ta ce takarda irin ta wakilci sai an biya mata wannan harajin an buga mata hatimi, kuma wadda aka sa wa hannu a waje tana da wata biyu daga ranar da ta shigo ƙasa kafin tara ta hau. A sashen kimanta ƙasa na Hukumar Filaye ake yi. Kuɗin ba yawa, amma takardar da ba ta da shi kotu ba ta karɓarta a matsayin hujja. Ka ajiye ambulan da rasit ɗin kamfanin aikawa, su ne shaidar ranar isowa.

Ba sai kun jira duk takardun sun taru kafin ku motsa ba. Da zarar hotunan fasfo sun zo an daidaita sunaye, a tura takardun amincewa, a shigar da buƙatar El-E. Bayan alƙali ya amince, za a liƙa sanarwa a kotu da gidan marigayin na kwana 21, don duk mai ƙorafi ya shigar da takardar dakatarwa. A cikin wannan jiran ne yarjejeniyar rabo da takardun wakilci za su yi tafiyarsu. In El-E ya fito, masu kula da gado su je banki da katin Gana nasu, domin tun Yulin 2022 shi bankuna ke nema. Na waje ba sa bukatar katin don wannan, tun da ba su banki zai biya ba, masu kula da gado zai biya, su kuma su tura wa kowa rabonsa ta hanyar da ke barin shaida, kowa ya sa hannu a rasit.

Gidan kuwa ba ya zama na magada a takarda sai masu kula da gado sun yi takardar miƙa shi gare su an yi mata rajista. Kafin wannan, ko da takardar wakilci a hannu, wakilin ƙanwarka ba shi da abin da zai sayar. Kuma da yake yawancin gidajen Kumasi a kan hayar fili suke, a duba takardar gidan a ga shekarun da suka rage da wanda ya ba da hayar, ko gwamnati ce ko sarauta, domin za a nemi yardarsa kafin a juya suna. In sarauta ce, sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a Manhyia. Ka nemo wannan takardar tun yanzu ka kai wa lauya tare da hotunan fasfon, domin daga jikinta ne za a kwafi bayanin gidan da zai shiga takardun wakilcin uku.